Yadda Ake Mayar da Jimla Ɗaya Ta Zama Jadawalin Labari Mai Kashi Uku Don Katun na Minti Biyu

Masu koyon zanen katun sun sha yi mini tambaya iri ɗaya: ga dabarar labari nan a ka, jimla ɗaya tak, to ta ina za a kama har ta zama abin da za a zana? Da yawansu sukan buɗe manhaja su fara zana jarumi, bayan makonni su tarar da zane mai kyau a hannu wanda bai san inda ya dosa ba. Abin da suka tsallake shi ne jadawalin labari, wato shafi ɗaya da ke faɗin abin da zai faru, da dalilin faruwarsa, da daƙiƙu nawa zai ci. Zan ɗauki misali ɗaya in bi shi tun daga farko har ƙarshe.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙananan katuna ko takarda da aka yanka gida-gida kamar guda 15, fensir, da agogon ƙirga daƙiƙa na wayarka. Ba ka buƙatar sayen komai, kuma zama ɗaya ko biyu ya isa. Kada ka buɗe manhajar zane tukuna.

1. Fara da lissafin daƙiƙu

Minti 2 daƙiƙa 120 ne. A ƙa'idar fim ana nuna firam 24, wato tsayayyun hotuna 24 a jere, a kowace daƙiƙa, jimilla 2,880. Masu zane da hannu sukan bar kowane zane ya zauna firam biyu, wanda ya zama zane 12 a daƙiƙa, 1,440 a fim ɗin gaba ɗaya. Kuɗin katun a nan yake: kowace daƙiƙa da ka rubuta a jadawali zane goma sha biyu ka ɗora wa kanka.

Cire daƙiƙa 4 na sunan fim da 6 na sunayen waɗanda suka yi aiki. Saura 110, su ne na labari. Rubuta wannan lamba a saman takardarka.

Gargaɗi: idan gasa ko makaranta ce ta ƙayyade minti 2, a ɗauka cewa sunan fim da sunayen ƙarshe suna cikin lissafin, sai dai in ƙa'idar ta faɗi akasin haka.

2. Gyara jimlar har ta iya ɗaukar labari

A ce jimlarka ita ce: “Wani yaro yana tsoron duhu.” Wannan hali ne, bai zama labari ba tukuna, domin yaron zai iya shekara yana tsoron duhu ba tare da komai ya faru ba. Yi wa jimlar tambayoyi huɗu. Wane ne jarumin? Me yake so ya samu yanzu-yanzu, abin da ido zai gani? Me ya tare masa hanya? Me zai rasa idan ya kasa?

Ta biyun ce ke kayar da mutane. “Yana so ya daina tsoro” buri ne na cikin zuciya, fensir ba ya zana shi. “Yana so ya ɗauko kyanwarsa daga ƙarshen lungu” kuwa ana zana shi, kuma mai kallo zai san lokacin da aka samu ko aka rasa ba tare da an gaya masa ba. Burin zuci yana nan, amma a bayan na zahiri zai ɓoye.

Ga jimlar bayan gyara: “Wuta ta ɗauke da dare, sai wani yaro mai tsoron duhu ya zama dole ya ratsa dogon lungun gidansu ya ɗauko 'yar kyanwarsa da ke kuka, kafin batirin tocilarsa ya mutu.”

Duba abin da aka samu. Akwai jarumi ɗaya, buri ɗaya, cikas ɗaya, ga kuma batir da ke ƙarewa, wanda zai riƙa matsa wa labarin lamba da kansa. Sannan ka tambayi kanka me ya sa wannan labari ya dace da katun. Amsar a nan ita ce inuwoyi: a zane za su iya miƙewa su yi hannaye da baki kamar yadda yaron yake ganinsu a ransa.

Gargaɗi: idan jimlarka tana da “sannan kuma” fiye da sau ɗaya, ko ta ɗauki shekaru, ko mutum huɗu masu suna, labarin minti goma ne. Kada ka yi ƙoƙarin matse shi. Zaɓi lokaci guda a cikinsa, dare ɗaya ko sa'a ɗaya, ka bar sauran.

3. Rubuta ƙarshe kafin farko

Wannan ne matakin da na fi damuwa da shi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ɗauki kati ɗaya ka rubuta shawarar da jarumin zai yanke a ƙololuwar labari. Shawara nake nufi, wato wuri da hanya ta rabu biyu, kowacce da abin da za a rasa. A misalinmu tocila ta mutu a tsakiyar lungu. A bayansa ga ƙofar ɗakinsa da ɗan hasken taga, a gabansa duhu ne da kukan kyanwa. Ya koma ko ya ci gaba? Ya ci gaba.

A kati na biyu ka rubuta hoton ƙarshe na fim ɗin: yaro a gado, kyanwa a gefensa, wuta ta dawo, fitilar ɗaki ta kama, shi kuma ya miƙa hannu ya kashe ta da kansa.

Yanzu hoton farko ya fito da kansa, domin kishiyar na ƙarshe ne: yaro a kan gadon nan, fitila a kunne, ya kuma ƙanƙame tocila a ƙirji duk da haka. Wuri ɗaya, kusurwar kallo ɗaya, abu ɗaya ne ya sauya. Mai kallo zai gane yaron ya canza ba tare da kowa ya buɗe baki ba, kai kuma zanen ɗaki ɗaya ya yi maka aiki sau biyu.

Dalilin farawa da ƙarshe shi ne yana gaya maka abin da za ka shuka a farko. Ta yaya yaro zai gano kyanwa a cikin duhu? Yana buƙatar sauti. To a ɗaura wa kyanwar 'yar ƙararrawa a wuya, a nuna ta tun a daƙiƙun farko. Da ka fara rubutu daga farko, da ba ka san kana buƙatar ƙararrawar ba sai ka iso tsakiyar duhun ka rasa mafita.

Gargaɗi: kada wani ya warware wa jarumi matsalarsa. Idan wuta ta dawo yana tsakiyar lungu, ko uwarsa ta fito da fitila, labarin ya mutu, don yaron bai yanke komai ba. Shi ya sa a namu jadawalin wutar ba ta dawowa sai bayan ya gama. Haka nan “ashe mafarki yake yi” yana share duk abin da mai kallo ya damu da shi, a guje masa.

4. Raba daƙiƙu 110 gida uku

Rabon da aka saba ji shi ne kwata ga kashi na ɗaya, rabi ga na biyu, kwata ga na uku. A fim mai minti 2 ina ganin kashi na ɗaya ya kamata ya fi haka gajarta, domin mai kallon gajeren fim ba ya jira. Na ba kashi na ɗaya daƙiƙa 22, na biyu 60, na uku 28. Ba doka ba ce, amma ka tsai da naka rabon yanzu, kafin son wata fitowa ya sa ka ba ta abin da ba nata ba.

5. Kashi na ɗaya: katuna uku

Kowane kati gaɓa ɗaya ce ta labari, a rubuta ta da jimla ɗaya ko biyu, a sa daƙiƙunta a kusurwa.

Kati na 1, daƙiƙa 8: yaro a gado da tocila a ƙirji, kyanwa tana bin hasken tocilar a jikin bango, ƙararrawarta na kaɗawa. Fitowa ɗaya ta gabatar da yaro, da tsoronsa, da kyanwa, da ƙararrawa, da ƙaunar da ke tsakaninsu.

Kati na 2, daƙiƙa 7: tsawa ta faɗi, wuta ta ɗauke, kyanwa ta firgita ta fice ta ƙofa. Ƙarar ƙararrawa tana nisa, sai kuka.

Kati na 3, daƙiƙa 7: yaro a bakin ƙofa, ya haska lungu, hasken bai kai ƙarshe ba. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya sauke ta a waje. Kashi na ɗaya ya ƙare a nan, a lokacin da jarumi ya ɗauki matakin da ya sa shi cikin matsala.

Gargaɗi: kada ka buɗe fim da fitowar rana, ko agogo yana ƙara, ko kyamara tana yawo a kan gari. Daƙiƙa 10 na irin wannan zane 120 ne da ba su faɗi komai ba. Idan abin da ya tayar da labari bai faru ba kafin daƙiƙa ta 20, farkon ya yi tsawo.

6. Kashi na biyu: a nan aikin yake

Minti guda cur za ka cika, kuma a nan jadawali ke lalacewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera abubuwan tsoro: ya ga inuwa, sai kuma ya ji ƙara, sai kuma ya ga wata inuwa. Idan za ka iya sauya wa katunan wuri ba tare da labarin ya ɓaci ba, to jeri ka yi, ba ka gina komai ba. Maganinsa shi ne ka haɗa kowane kati da na gabansa da ɗaya daga kalmomi biyu, “saboda haka” ko “amma”. Duk inda “sai kuma” ce kaɗai ta shiga, akwai gyara.

Kati na 4, daƙiƙa 15: wata inuwa ta miƙe da dogayen hannaye. Yaro ya daskare, ya haska ta, ashe riga ce a rataye. Ya gane cewa tocila tana kashe dodanni.

Kati na 5, daƙiƙa 15: saboda haka ya sami ƙarfin gwiwa, yana haska nan yana haska can, kowace inuwa tana komawa kujera ko tsintsiya, har ya fara murmushi. Amma hasken ya yi ja, ya ƙifta.

Wannan ƙiftawar ita ce tsakiyar fim, tana faɗowa wajen daƙiƙa ta 56. Kafin ta labarin yana hawa, bayan ta yana gangarowa. Lura kuma cewa nasarar yaron ce ta jawo masa matsala, domin jin daɗin haske ne ya sa ya ɓata lokaci a hanya har batir ya gaza. Idan cikas ya fito daga abin da jarumi ya yi da hannunsa, ya fi kama zuciya a kan wanda ya faɗo daga sama.

Kati na 6, daƙiƙa 16: saboda haka ya fara sauri, yana bubbuga tocila a tafin hannu. Da'irar haske tana ƙanƙancewa, inuwoyi suna matsowa. Ya yi tuntuɓe, tocila ta kuɓuce ta mirgina.

Kati na 7, daƙiƙa 14: ya rarrafa ya kamo ta, amma ta mutu a hannunsa. Allo ya yi baƙi ƙirin, ba a ganin komai sai idanunsa biyu, ba a jin komai sai numfashinsa.

Wani zai ce daƙiƙa 14 sun yi yawa ga fitowar da kusan babu motsi a cikinta. Ni ba zan rage ta sosai ba. Mai kallo yana buƙatar lokaci ya ji abin da yaron ke ji, in ba haka ba shawarar da ke tafe ba za ta yi nauyi ba. Ga kuma sauƙi: idanu biyu a baƙin allo suna cikin abubuwan da suka fi arha a zana.

Gargaɗi: yunƙuri biyu ko uku sun isa a minti guda. Kowane yunƙuri yana buƙatar a ga niyya, a ga aiki, a ga sakamako a fuskar jarumi, kuma da wuya wannan ya shiga ƙasa da daƙiƙa 12. Mai cusa yunƙuri biyar zai ƙare da fim mai gudu wanda ba a ga fuskar kowa ba.

7. Kashi na uku: shawara, sakamako, hoton ƙarshe

Biyu daga cikin katunan nan ka riga ka rubuta su a mataki na 3.

Kati na 8, daƙiƙa 12: a cikin shirun ya ji ƙararrawa. Ya waiwaya ga ƙofar ɗakinsa, ya juyo ga duhu. Ya ajiye tocila a ƙasa, ya miƙa hannu gaba, ya bi sautin.

Kati na 9, daƙiƙa 8: wasu idanu biyu masu ƙyalli suka buɗe a gabansa. Babu hasken da zai tabbatar masa ko mene ne, amma ya kai hannu ya taɓa. Kyanwa ce.

Kati na 10, daƙiƙa 8: gado, wuta ta dawo, ya kashe fitila.

Ajiye tocila a kati na 8 ba ado ba ne. Shawara a katun sai an gan ta a jiki, kuma abin da ya ƙanƙame tun daƙiƙar farko shi ya dace ya sake.

Gargaɗi: da zarar tambayar fim ta sami amsa, ka fita. Kada ka nuna dawowarsa ta lungu, kada ka ƙara safiya da iyaye suna yaba masa. Daga kati na 9 ka yanka kai tsaye zuwa gado.

8. Gwada jadawalin da agogo da kunnen wani

Shimfiɗa katunan goma a jere. Kunna agogo, ka tashi tsaye ka kwaikwayi kowace gaɓa da jikinka: ka daskare, ka haska, ka yi tuntuɓe, ka rarrafa. Rubuta ainihin daƙiƙun da kowacce ta ci kusa da waɗanda ka ƙiyasta. Karatu a zuci yana yaudara, domin “ya rarrafa ya kamo ta” ana karanta shi a daƙiƙa ɗaya, amma yin sa yana iya cin biyar.

Kusan kullum gwajin farko yakan wuce iyaka. A ce ka sami 135 maimakon 110. Kada ka ɓantare daƙiƙa biyu-biyu daga kowane kati, hakan zai sa fim ɗin gaba ɗaya ya yi gaggawa. Nemi abu guda ka cire ɗungurungum, ko ka haɗa katuna biyu. A misalinmu kati na 4 da na 5 za su iya zama ɗaya, inuwa biyu kawai maimakon huɗu ko biyar. Kati na 7 da na 8 su ne na ƙarshe da za a taɓa.

Bayan haka ka ba wani labarin da baki, wanda bai san shi ba, ba tare da ƙarin bayani ba. Da ka gama kada ka tambaye shi ko ya yi daɗi, zai ce ya yi. Tambaye shi: me yaron yake so, kuma me ya canza a ƙarshe? Idan ya ce “ina ƙararrawar ta fito?”, kati na 1 bai yi aikinsa ba. Idan ya ce “me ya hana shi kiran mahaifiyarsa?”, ka sami rami, kuma gara yanzu da bayan zane ɗari biyar. Ana iya toshe shi da abu kaɗan, misali a kati na 3 ya buɗe baki zai yi kira tsawa ta haɗiye muryarsa.

Gwaji na ƙarshe: cire duk wata magana ka ga ko labarin ya tsaya. Namu ba shi da magana ko ɗaya, kuma ga mai aiki shi kaɗai wannan riba ce, domin magana tana jawo ɗaukar murya da daidaita motsin baki da kowane sauti. In dole ne a yi magana, ka karanta ta da ƙarfi da agogo a hannu ka sa daƙiƙunta a lissafi.

9. Ƙirga tsadar kowane kati kafin ka rufe

A bayan kowane kati rubuta abu uku: mutum ko dabba nawa ke ciki, a wane wuri, da motsi mafi wahala. Namu fim yana da 'yan wasa biyu da wurare biyu, ɗaki da lungu. Daƙiƙa 110 a zane 12 ya kai 1,320 idan komai na motsi, kodayake tsayuwa da maimaita zane za su rage adadin sosai. A ce kana kammala daƙiƙa 2 a rana, kwana 55 ke nan na motsi kawai, ban da zanen wurare da sauti. Auna naka saurin ka yi naka lissafin.

Wannan ƙirga takan gyara labarin kansa. Tafiyar dabba mai ƙafa huɗu ta fi ta mutum wuyar zane, shi ya sa kyanwar take bayyana a katuna huɗu kacal, a sauran kuwa ƙararrawa da kuka ne ke wakiltarta. Ruwan sama ma haka: a bar shi a sauti da walƙiya a jikin bango, ba sai an zana ɗigo ba. Taron jama'a, ruwa mai gudu, hayaƙi, da kyamara mai zagaya jarumi duk suna cin lokaci, don haka duk katin da ya ƙunshi ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi ko labarin zai rushe idan babu.

Daga nan ka kwafe katunan a shafi ɗaya: jimlar labari a sama, kashi uku a ƙasa, kowace gaɓa da lokacin farawarta da na ƙarewarta, daga 0:04 zuwa 1:54. Rubuta abin da za a gani da abin da za a ji kawai. “Ya tuna da alkawarin da ya yi” ba ya shiga, sai ka samo aikin da zai nuna shi.

Da wannan shafi za ka shiga allon labari, wato jerin ƙananan zanuka da ke nuna yadda fim ɗin zai gudana, inda kowane kati zai rabu zuwa ɗauka biyu zuwa huɗu, kowace ɗauka kallo ɗaya ce ta kyamara ba tare da yankewa ba, fim ɗin ya tashi da kamar ɗauka 30. Za ka iya yi a takarda, ko a manhajar kyauta irin Storyboarder ko Krita ko Pencil2D. Jera zanukan da sauti na wucin gadi ka kalla da agogo, idan wata gaɓa ta zarce daƙiƙunta ka koma kan katinta ka gyara a can kafin ka zana motsi ko ɗaya.